Yadda Ake Duba Alwatikar Gangara a Garaf ɗin Gwajin Fiziks

Idan aka miƙo maka takardar garaf da aka zana bayan gwajin fiziks, ido yakan yi saurin zuwa ƙasan takardar, inda aka rubuta amsa aka ja mata layi biyu. Ka hana idonka wannan saurin. Amsar da ke ƙasa tana iya yin daidai alhali hanyar da aka bi a karkace take, tana kuma iya kaucewa alhali kusan duk aikin lafiya lau yake, lamba ɗaya ce kawai aka karanta ba daidai ba. Mai dubawa, malami ne shi ko ɗalibin da ke bitar aikinsa kafin ya miƙa, aikinsa shi ne ya bi sawun lambar nan tun daga jadawalin awo har zuwa inda ta tsaya.

Gangara, wadda a aji ake kira sulof ko giradiyen, ita ce lambar da ke nuna yadda layi ke hawa ko sauka, kuma ana fitar da ita ne daga alwatikar da ake zanawa a jikin layin. Ta layin da aka ja ce. Ba ta ɗige-ɗigen da ke cikin jadawali ba ce, ba kuma ta tsawon da rula ta auna a kan takarda ba ce. Kusan duk kuskuren da za ka tarar a wannan aiki daga manta wannan yake tasowa.

Ka tanadi rula mai garai-garai wadda ake ganin abin da ke ƙarƙashinta, mai santimita 30, da fensir mai tsini, da kalkuleta.

Gwajin da za mu bi

Za mu ɗauki gwajin fendulum, wato ƙwallon ƙarfe da aka rataye da zare yana lilo. An canza tsawon zaren, L, sau biyar. Kowane karo an auna lokacin lilo 20, an raba da 20 an sami lokacin lilo ɗaya, T, sannan aka ninka T da kansa.

```
L (m)    t na lilo 20 (s)   T (s)    T² (s²)
0.200    18.5               0.925    0.86
0.400    25.5               1.275    1.63
0.600    31.4               1.570    2.46
0.800    36.0               1.800    3.24
1.000    40.4               2.020    4.08
```

An ce a zana T² a layin tsaye, L a layin kwance. Dalili shi ne ƙa'idar fendulum, inda g take nufin hanzarin da jan ƙasa ke ba abin da ke faɗuwa, kuma ita ce amsar da ake nema:

```
T² = (4π²/g) × L
gangara S = 4π²/g
g = 4π²/S
```

Takardar irin wadda babban gidanta yake santimita 2 ne, a cikinsa da ƙananan gidaje goma ta kowane ɓangare. An juya ta a kwance. A layin kwance babban gida ɗaya yana tsaya wa mita 0.1, a layin tsaye kuma babban gida ɗaya yana tsaya wa 0.5 s².

Mataki na farko: ka san darajar ƙaramin gida

Kafin ka dubi alwatika, ka dubi layukan biyu da ke riƙe da garaf ɗin. Wane abu ne a tsaye, wane ne a kwance, kuma haka tambaya ta ce a yi? An rubuta sunan kowanne tare da ma'auninsa? Lambobin suna tafiya da tazara iri ɗaya, ko an yi tsalle a wani wuri? Akan samu wanda zai jera 0.86, 1.63, 2.46 a layin tsaye, kowace a kan babban gida ɗaya, kamar tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce. Irin wannan garaf zai ba da miƙaƙƙen layi mai kyan gani ko da me aka auna, kuma gangararsa ba ta da wata ma'ana. Idan ka ga haka babu amfanin ci gaba da duba alwatika, sai dai a sake zane.

Sai ka lissafa darajar ƙaramin gida ɗaya a kowane layi, ka rubuta da fensir a gefen takardar. A namu, na kwance 0.1 a raba goma, wato mita 0.01. Na tsaye 0.5 a raba goma, wato 0.05 s². Ka lura ba ɗaya suke ba. Wannan ɗan rubutu da ka yi a gefe shi ne zai kama maka kuskuren da ya fi kowanne ɓoyewa, za mu zo kansa.

Idan sikelin na uku-uku ne ko bakwai-bakwai, misali babban gida ɗaya yana tsaya wa 0.3, ka ƙara sa ido a duk karatun da ke gaba. Ƙaramin gida ya zama 0.03, rabinsa 0.015, kuma da wuya mutum ya yi ta karanta irin wannan bai zame ba. Shi ya sa ake son sikelin 1, 2 ko 5 da ninkinsu na goma. Ka kuma duba ko ɗige-ɗigen sun cinye aƙalla rabin takardar ta tsaye da ta kwance. Garaf da aka cushe a lungu ɗaya ba zai iya ɗaukar babbar alwatika ba.

Mataki na biyu: ɗige-ɗige da layi

Ka sake sanya aƙalla ɗigo biyu da kanka, musamman wanda ya fi nisa da layi. Ɗigon L = 0.400, T² = 1.63 ya kamata ya faɗa ƙananan gidaje biyu da rabi da ɗan kaɗan sama da 1.5. Idan ya kauce da abin da bai kai rabin ƙaramin gida ba, ka bar shi. Idan ya fi haka, an sa shi ba daidai ba.

Layin kuma ya zama guda ɗaya, siriri, an ja shi da rula a tashi ɗaya. Ɗora rularka a kansa ka ƙirga ɗige-ɗigen da ke sama da na ƙasa. A misalinmu layi mai kyau yana barin ɗigo na ɗaya da na biyar sama da shi kaɗan, na biyu da na huɗu ƙasa da shi kaɗan, na uku kuma kusan a kansa. Ƙirgen kaɗai bai isa ba, sai ka ga yadda suka rarrabu. Idan biyun farko suna sama, biyun ƙarshe suna ƙasa, lissafin sama da ƙasa ya daidaita amma layin ya cika miƙewa tsaye, yana bukatar a ɗan kwantar da shi. Irin wannan karkata kai tsaye take shiga gangara, kuma babu girman alwatika da zai gyara ta.

Akwai gwaji mai sauƙi a nan. Ka haɗa duk L ka raba biyar, za ka sami 0.600. Ka haɗa duk T² ka raba biyar, za ka sami 2.45. Layin da ya fi dacewa da ɗige-ɗige yana ratsa wannan wuri, (0.600, 2.45), ko ya bi ta dab da shi. Idan layin ɗalibi ya wuce shi da gida biyu ko uku, an ja shi sama ko ƙasa da inda ya kamata.

Wani lokaci ɗigo ɗaya zai fita zakka. A ce a tsawon mita 0.800 ɗalibi ya ƙirga lilo 19 yana tsammanin 20 ne. Agogo zai ba shi sakan 34.2, T² ya fito 2.92, ɗigon ya faɗo kusan ƙananan gidaje bakwai ƙasa da layi. Abin da ake so shi ne a sake wannan awon, idan kuma babu hali a zagaye ɗigon a ja layi ba tare da shi ba. Ka duba ko layin ya sunkuya don ya tarye shi.

Sai batun sifili. Ɗalibai da yawa sun haddace cewa layin fendulum daga sifili yake tashi, don haka suna kafa rula a mahaɗar layukan biyu su juya ta. Layinmu na gaskiya yana yanke layin tsaye a wajen 0.04 s², ba a sifili ba. Idan ka raba 0.04 da gangarar za ka sami kimanin mita 0.01, santimita ɗaya ke nan, kuma wannan yana nuna an auna zaren zuwa saman ƙwallo maimakon tsakiyarsa. Daɗin aiki da gangara shi ne irin wannan kuskure da ke maimaita kansa a kowane awo ba ya taɓa ta, layin kawai yake ɗagawa gaba ɗaya. Amma da zarar an tilasta wa layi bi ta sifili, gangarar ta tashi zuwa wajen 4.08, kuskuren da aka tsere wa ya dawo ta bayan gida. Sifili ba ɗigo ba ne sai in an auna shi ko tambaya ta ce a haɗa da shi.

Mataki na uku: ita kanta alwatikar

Abu uku za ka nema a jikinta.

Na farko, kusurwoyinta biyu su zauna a kan layin da aka ja, daram. Dogon gefen alwatikar yanki ne na layin kansa. Ka kawo ido kusa, domin akan sami alwatikar da kusurwarta ɗaya ke kan layi, ɗayar kuma ta zame zuwa kan ɗigon da ke kusa. Sauran gefuna biyu kuma su bi layukan takardar, ɗaya a kwance sosai, ɗaya a tsaye sosai.

Na biyu, kada a ɗauko lambobin daga jadawali. Nan ne ɗalibai suka fi gardama, suna cewa ai lambobin jadawali su ne aka auna, sun fi abin da ido ya karanto daga layi inganci. Ka nuna musu da lambobinsu. Ɗigo na ɗaya da na biyu suna ba da 0.77 a raba 0.200, wato 3.85. Na biyu da na uku suna ba da 4.15. Na uku da na huɗu 3.90, na huɗu da na biyar 4.20. Gwaji ɗaya, amsa huɗu, kuma g da za ta fito daga cikinsu tana yawo tsakanin 9.4 da 10.3. Kowane ɗigo yana ɗauke da nasa kuskuren, na danna agogo da na karanta rula. Layin shi ne ya tara shaidar duka biyar ya daidaita su, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wanda ya koma jadawali ya zubar da awo uku cikin biyar, zanen da ya yi kuma ya zama ado.

A jadawalinmu akwai wani abu da ya kamata ka sani don kada ya ruɗe ka. Idan aka ɗauki ɗigon farko da na ƙarshe, 3.22 a raba 0.800, ana samun kusan daidai da gangarar layi. Dace ne kawai, saboda su biyun sun ɗaga sama da layi da kusan tazara ɗaya. Amsar ta yi kyau, hanyar ba ta yi ba, kuma a wani gwajin ba za a dace ba. Hanyar ganewa ita ce ka kwatanta lambobi huɗun da ke cikin lissafin gangara da jadawali. Idan ka same su can harafi da harafi, ka koma ka duba ko waɗannan ɗige-ɗigen a kan layi suke. In a kansa suke daram, ba a yi ɓarna ba. In ba a kansa suke ba, ba gangarar layin aka lissafa ba.

Na uku shi ne girma, kuma a nan zan daɗe. Ƙa'idar da aka saba ita ce dogon gefen alwatika ya kai aƙalla rabin tsawon layin da aka ja. Ɗalibi yakan ɗauka son ran malami ne, to ga dalilin a lissafe. Ido yana iya karanta garaf zuwa kimanin rabin ƙaramin gida. A takardarmu rabin gida a tsaye 0.025 s² ne, a kwance mita 0.005. Tunda kusurwa biyu ake karantawa, idan kuskuren ya haɗu ta mummunan ɓangare zai kai 0.05 a tsaye da 0.01 a kwance. Wannan adadi ba ya canzawa, ko alwatika ƙarama ce ko babba. Abin da ke canzawa shi ne girman abin da ake kwatanta shi da shi.

Ɗauki ƙaramar alwatika mai faɗin mita 0.10 da tsayin 0.40 s². Gangararta 4.0, ba laifi a ido. Amma tsayin yana iya zama 0.35 ko 0.45, faɗin yana iya zama 0.09 ko 0.11. Gangarar ke nan tana iya sauka har 3.2, tana iya hawa har 5.0. Yanzu ɗauki babba mai faɗin 0.82 da tsayin 3.30. Da kuskuren karatu iri ɗaya, gangarar tana tsakanin 3.92 da 4.14. Hannu ɗaya, fensir ɗaya, layi ɗaya, amma ta farko ba ta iya bambance 3.2 da 5.0 ba. Saboda haka idan na ga ƙaramar alwatika ta ba da amsa mai kyau, ba na ɗaukar hakan a matsayin shaidar aiki mai kyau. Ka sa rula ka auna dogon gefen, ka auna layin duka, ka kwatanta. Rabi shi ne mafi ƙaranci, wanda ya kai kashi biyu cikin uku ko fiye ya fi.

Ba a so kuma kusurwa ta fita can nesa da inda aka yi awo. Ɗan wuce ɗigon farko ko na ƙarshe kaɗan ba matsala, muddin a kan layin ake.

Mataki na huɗu: ka karanta kusurwoyin da kanka

Rufe lissafin ɗalibi da hannu ko da wata takarda. Idan ka riga ka ga lambarsa, idonka zai nemi ya gaskata ta. Daga kowace kusurwa ka sauko da rula zuwa layin kwance, ka kuma miƙa ta zuwa layin tsaye, ka rubuta abin da ka gani.

A garaf ɗinmu ɗalibin ya zaɓi wurare masu kyau, inda layi ya ratsa mahaɗar layukan takarda. Kusurwar ƙasa, A, tana ƙananan gidaje huɗu bayan 0.1 a kwance, da gidaje biyu sama da 0.5 a tsaye. Kusurwar sama, B, tana gidaje shida bayan 0.9 a kwance, da gidaje takwas sama da 3.5 a tsaye. Da darajar gida da ka rubuta a gefe:

```
A = (0.14, 0.60)
B = (0.96, 3.90)
S = (3.90 − 0.60) / (0.96 − 0.14)
S = 3.30 / 0.82 = 4.02 s²/m
g = 39.48 / 4.02 = 9.82 m/s²
```

Yanzu ɗaga hannunka ka ga abin da ɗalibin ya rubuta:

```
S = (3.58 − 0.52) / (0.96 − 0.14)
S = 3.06 / 0.82 = 3.73
g = 10.6
```

Layinsa mai kyau ne, alwatikarsa babba ce, kusurwoyinta a kan layi suke, ragi da rabawarsa duk daidai. Lambobin kwance ma daidai. To ina 3.58 da 0.52 suka fito? Gidaje takwas sama da 3.5 ya karanta 3.58, gidaje biyu sama da 0.5 ya karanta 0.52. Ya ɗauki darajar ƙaramin gida ta layin kwance, 0.01, ya kai ta layin tsaye inda darajar take 0.05. Wanda ya tsaya ga duba lissafi kawai ba zai taɓa kama wannan ba, domin kalkuleta za ta tabbatar masa da 3.73. Kuma 10.6 ba ta yi nisan da za ta tayar da hankali ba, sai a ce ai kuskuren gwaji ne, iska ce ta kaɗa zaren. Gwajin ba shi da laifi ko kaɗan.

Idan kana son tabbaci na biyu, ga hanya. Ka ɗauki kusurwar A da gangarar da aka samu, ka yi hasashen inda layi zai kasance a wani wuri na tsakiya, ka je ka gani. A L = 0.55, an matsa mita 0.41 daga A. Da namu lambobin, 0.60 a tara da 4.02 sau 0.41 ya ba da 2.25, kuma idan ka duba takardar layin yana nan a 2.25. Da lambobin ɗalibin, 0.52 a tara da 3.73 sau 0.41 ya ba da 2.05, ƙananan gidaje huɗu ƙasa da layin da shi da kansa ya ja. Wannan ita ce hanyar da na fi so a nuna wa ɗalibi, domin yana ganin saɓanin da idonsa a kan takardarsa.

Karatun nan da kanka shi ne kuma ke tona aikin da aka yi daga ƙarshe zuwa farko. Wanda ya san ana neman 9.8 yana iya ƙirƙiro lambobi huɗu da za su ba shi ita, ya zana alwatika don cika sharaɗi. Alamarsa ita ce amsa tsaf, amma kusurwoyin da ke takarda ba su san lambobin da ke cikin lissafi ba.

Mataki na biyar: lissafi, ma'auni, da kamannin kowane kuskure

Kurakuran da suka rage kowanne yana da lambar da yake haifarwa, kuma idan ka saba da su, amsar kanta za ta gaya maka inda za ka duba.

Idan ka ga gangara wajen 0.80, an ƙirga gidaje ne ko an auna gefuna da rula. Tsayin alwatikarmu a takarda santimita 13.2 ne, faɗinta 16.4, wato gidaje 66 da 82, rabonsu kuwa 0.80. Wannan lamba ta takarda ce, idan aka canza sikeli za ta canza, alhali fendulum ɗin bai canza ba. Haka ma wanda ya sa ma'aunin kusurwa ya auna karkatar layi ya nemi tan ɗinta, wannan 0.80 ɗin zai samu. Kai mai dubawa kana iya cin moriyarta: gida ɗaya a tsaye 0.05 ne, a kwance 0.01, rabonsu 5, kuma 66 a raba 82 a ninka da 5 yana dawo da kai 4.02.

Idan ka ga 0.248, an kifa rabon, an sa canjin kwance a sama. Ko da yaushe canjin abin da ke tsaye ake rabawa da canjin abin da ke kwance. Sai dai ka tabbata ba garaf ɗin ne aka zana da L a tsaye ba, domin a wannan hali 0.248 m/s² ita ce gangarar gaskiya, kuma g tana fitowa ne ta ninka ta da 4π², ba ta rabawa ba. Wanda ya haɗa 0.248 da ƙa'idar rabawa zai sami g wajen 159.

Idan ka ga 0.0402, an zana L da santimita. Ba kuskure ba ne muddin an rubuta s²/cm. Daga nan g za ta fito 982 cm/s², wanda daidai yake da 9.82 m/s². Laifin yana zuwa ne idan aka rubuta 982 aka liƙa mata m/s², ko aka matsar da ɗigon desimal a ɓoye ba tare da bayani ba.

Idan babu ragi ko kaɗan a lissafin, an ɗauki wuri ɗaya an raba tsayinsa da faɗinsa. A kusurwar B wannan zai ba da 4.06, a kusurwar A kuma 4.29. Hakan yana yin daidai ne kawai idan layi ya ratsa sifili da sifili. Ya fi muni a garaf ɗin da layukansa ba daga sifili suka fara ba, inda kusurwar takarda take, misali, 0.1 da 0.5.

Ka duba tsarin ragin: idan an fara da B a sama, a fara da B a ƙasa. Layin da ke hawa daga hagu zuwa dama gangararsa mai ƙari ce, wanda ke sauka kuma tana ɗauke da alamar ragi. A gwajin batir, inda ake zana boltej a kan kwararar lantarkin da ake ja, layin sauka yake yi, kuma ɗalibai sukan yar da alamar don ba su saba ganinta ba.

Ma'aunin gangara shi ne na tsaye a kan na kwance, a nan s²/m. Gangarar da aka bari tsirara ba ma'auni ba ta cika ba, sai in abubuwan biyu ma'auninsu ɗaya ne. Yawan lambobi kuma ya bi ingancin karatu. Kalkuleta za ta nuna 4.024390244, amma mun riga mun ga karatun kusurwa kaɗai yana iya motsa amsar da kusan 0.1. Lambobi uku, 4.02, sun isa. A guji kuma yankewa da wuri: wanda ya mai da 0.82 ta zama 0.8 kafin ya raba zai sami 4.13.

Idan amsar ba ta yi kusa da abin da ake tsammani ba

A doron ƙasa g tana tsakanin kimanin 9.78 m/s² a kan layin da ya raba duniya gida biyu da 9.83 a ƙuryoyinta biyu na arewa da kudu, don haka gangarar wannan garaf ya kamata ta zauna kusa da 4.0. Idan ka bi duk matakan nan ka tarar layi daidai, alwatika babba, karatu daidai, lissafi daidai, amma g ta fito 9.3 ko 10.4, to aikin garaf ɗin ya yi, matsalar tana cikin awon. Sai a koma a tambayi yadda aka ƙirga lilo, ko an fara ƙirga ɗaya tun lokacin sakin ƙwallo maimakon sifili, ko an ja ƙwallon gefe da yawa fiye da digiri goma, ko abin da aka rataye zaren yana motsi. Kada a taɓa layi ko alwatika don a matso da amsa.

Wajen ba da maki kuma ka raba laifuffukan. Ɗalibinmu na 3.73 ya yi kuskure ɗaya ne, a karatun layin tsaye. Girman alwatikarsa daidai ne, tsarin lissafinsa daidai ne, kuma 10.6 ita ce abin da 3.73 ke bayarwa idan an bi ƙa'ida, ko da yake ya bar duka biyun babu ma'auni, wanda wannan laifi ne na daban. A gefen takardarsa ka zagaye 3.58 da 0.52, ka rubuta masa: ƙaramin gida ɗaya a tsaye 0.05 ne, sake karanta A da B, ka sa ma'auni.